Daren da Kowa Ya Kwana da Kuɗin Goggo

A ofishin ƙungiyar ajiya da rance da ke saman shagon mai sayar da tayoyi, akwai wani saurayi da ya raɗa wa kansa suna Injiniya, amma kowa Minti Biyar yake kiransa. Ko me aka kawo masa, firinta ce ta ƙi ko kwamfuta ce ta mutu, sai ya karkace hula ya ce, "Wannan ai aikin minti biyar ne." Shi ya rubuta manhajar da ke riƙe lissafin mambobi ɗari takwas da arba'in da uku, kuma tun ranar da ta fara aiki bai bar kowa ya sha ruwa ba.

"Ni fa abin da na gina ko barci nake yi yana aiki," in ji shi. "Mutum yana kuskure, na'ura ba ta yi. Tawa kuwa ko an roƙe ta ba za ta yi ba."

Ranar da abin ya faru, ana shirin rufe ofis sai ga goggonsa ta hawo matakala tana haki, da garin fulawa a gefen zaninta. Ita ta riƙe shi tun yana ƙarami, kuma gidan burodi gare ta a bayan tasha. Tandarta ta tsufa, rabin abin da ya kamata take ɗauka, shi ya sa kullum sai tsakar dare take tashi daga aiki. Tana son rancen dubu ɗari shida ta sayi sabuwa. Dokar ƙungiya kuwa ita ce ana ba mutum ninkin abin da ya ajiye, ke nan sai an ga dubu ɗari uku a asusunta. Kwamitin rance zai zauna gobe da ƙarfe tara, kuma ba ya sake zama sai bayan wata uku.

Ta dire wani ƙaramin littafi mai maiƙo a kan teburinsa.

"Kai ɗan nan, dubu ɗari uku da sha biyu na zuba. Ga shi nan, kowane dare na rubuta. Na'urarka ta ce ɗari biyu da hamsin. Ina sittin da biyu?"

"Goggo, ƙila lissafinki ne ya ɗan..."

"Lissafina? Ni da na biya maka kuɗin makaranta da lissafin burodi?"

Ma'aji, wata dattijuwa mai tabarau da ta shekara ashirin tana riƙe kuɗin ƙungiyar, ta ɗago kai daga teburinta. "Minti Biyar, da safe abin da allo ya nuna shi zan kai wa kwamiti. Ba ni da ikon kai littafin gidan burodi."

"Haba! Ku je gida ku kwanta. Kafin Goggo ta sauka matakala na gama."

Goggo ta sauka matakala, ta kai tasha, ta kwaɓa fulawar dare, shi kuwa yana nan yana zare wa allo ido.

Ya fara da abin da ya dace, wannan kam dole a ba shi. A rumbun bayanan manhajar akwai tebur biyu, wato jadawali biyu, da suka shafi maganar. Ɗaya na shige da fice ne, inda ake rubuta kowace ajiya da kowane cirewa, layi-layi, da ranarsu da lokacinsu. Ɗayan na mambobi ne, inda kowa yake da gurbi guda mai nuna jimillar kuɗinsa. Ya tara layukan Goggo a tebur na farko, suka ba shi dubu ɗari uku da sha biyu cif. Ya duba gurbinta a na biyu, ɗari biyu da hamsin. Kuɗin sun shigo ke nan, jimillar ce take ƙarya.

Wani mai hankali da sai ya tambayi kansa abin da ke taɓa wannan gurbi. Minti Biyar kuwa sai ya buga tebur ya miƙe.

"Kutse! Wallahi kutse aka yi mana!"

Maigadin ginin, wani tsoho mai tocila da rediyo, ya leƙo. "Ta ina suka shigo? Ni ina bakin ƙofa tun la'asar."

"Baba, ba irin ɓarayin da ka sani ba ne. Waɗannan ta cikin waya suke shigowa. Manya ne, daga ƙasashen waje."

"Su baro ƙasarsu su zo kan kuɗin mai burodi?"

"Ai ni suke gwadawa. Sun ji labarin aikina."

Nan take ya shiga sauya kalmomin sirri, na rumbu, na manhaja, na komai. Ya zaɓi wata doguwa mai ƙahoni da wutsiya wadda ko aljani ba zai canka ba, bayan minti goma shi ma ya kasa tuna ta. Awa guda ya ɓata kafin ya samu ya koma cikin abin da ya gina da hannunsa. Ya bi manhajar ajiya ya sa mata sabuwar kalma, ya bi aikin rufe rana, wato lissafin da na'ura ke yi da kanta kowane tsakar dare, shi ma ya sa masa, ya tafa hannu ya ce yanzu ko sauro ba zai ratsa ba.

Sai ya buɗe kundin da na'ura ke rubuta duk wanda ya shiga. Wata shida ya bi baya, layi bayan layi. Mutum ɗaya ne kawai yake shiga da iko a kan rumbun, kuma sunansa Injiniya.

"Ka kama shi?" in ji maigadi, wanda yanzu ya jawo kujera ya zauna.

"Yana da wayo. Da sunana yake shiga."

"To Allah ya tona asirinsa."

Sha biyu saura kwata ya yanke shawarar yin kwanton ɓauna. Ya buɗe gurbin Goggo a allo, ya kashe fitilar ofis don kada ɓarawo ya gan shi, ya zauna yana sabunta shafin. Ɗari biyu da hamsin. Ɗari biyu da hamsin. Agogon bango ya buga sha biyu, ya sake dannawa, sai ga ɗari biyu da arba'in da ɗaya.

Dubu tara sun tafi a gaban idonsa.

"Baba! Ya ɗauka! Yanzu-yanzu ya ɗauka!"

Maigadi ya haska tocila ƙarƙashin tebur. Minti Biyar ya koma kundi, ya duba abin da ya motsa daidai sha biyu. Babu baƙo. Abu ɗaya ne ya yi aiki a wannan daƙiƙar, aikin rufe rana, wanda shi ya rubuta shi, har ya taɓa tsayar da taron mambobi rabin awa yana yabonsa. Kowane dare aikin yakan ɗauki jimillar da aka rufe jiya da ita, ya ƙara duk shige da ficen da ke ɗauke da kwanan watan yau, ya rubuta sakamakon a kan gurbin mamba. Dubu tara kuwa daidai abin da Goggo ta zuba daren jiya ne.

Yana cikin sosa ƙeya sai lambar ta sake motsi. Ɗari biyu da arba'in da tara. Goggo ce ta rufe gidan burodi ta turo cinikin dare ta waya, dubu takwas, kamar yadda shi da kansa ya koya mata don kada ta riƙa kwana da kuɗi.

Maigadi ya matso da fuska kusa da allo. "Wannan lambar ta gefe mece ce?"

"Lokacin da kuɗin suka shigo ne. Ba za ka gane ba, Baba."

"Sha ɗaya da minti ashirin da biyar? Ai sha biyu ta wuce. Agogon naka a baya yake."

Minti Biyar ya buɗe baki zai yi bayani, sai bayanin ya maƙale. Na'urar da rumbun yake ciki haya suka yi a wata ƙasa, kuma agogonta yana bayan nasu da awa ɗaya. Ya san da haka. Shi ya sa ma ya saita aikin rufe rana ya tashi ƙarfe sha ɗaya na agogon can, don ya dace da sha biyun nan. Abin da bai taɓa tunawa ba shi ne, kwanan watan da ake buga wa kowace ajiya shi ma na agogon can ne. Duk wanda ya zuba kuɗi tsakanin sha biyu da ƙarfe ɗaya na dare, sai a rubuta masa kwanan jiya, ranar da an riga an rufe ta. Kuɗin za su hau gurbinsa nan take, ya wuni yana ganinsu. Daren gobe aikin ya zo ya tara na yau kawai, bai ga na jiyan da ya makara ba, ya shafe jimillar ya rubuta tasa. Duk daren da Goggo ta gama kafin sha biyu lafiya lau, duk daren da ta ɗan makara kuɗinta su faɗa rami.

"Na gano shi!" Ya yi tsalle har kujera ta kife. "Na ce maka ba abin da zai gagare ni!"

"Wane ne ɓarawon?"

"Wani... ɗan saɓani ne tsakanin agogo da agogo."

"Wa ya saita agogon?"

"Baba, ba ka da zagaye ne yanzu?"

Gyaran gaskiya a bayyane yake. A sa aikin rufe rana ya riƙa yanka rana da agogon gida, a gwada a kan kwafi, sannan a sake tara jimillar kowa daga tebur na shige da fice, don ba Goggo kaɗai ke zuba kuɗi da tsakar dare ba. Na farkon ya yi shi, layi biyu ne. Sauran kuwa ya ga za su ci lokaci, ga barci, ga shi yana son ya tura wa Goggo saƙo tun kafin ta kwanta ta san wa ta raina. Ƙarfe ɗaya da rabi ya ce bari ya gyara nata da hannu tukuna.

Ya rubuta umarni a kan rumbu mai rai, ba kwafi ba. Layin farko ya ce a mai da jimilla dubu ɗari uku da ashirin. Layi na biyu ya ce ga mamba mai lamba kaza kaɗai. Ya ja linzamin kwamfuta ya zaɓi umarnin, ya juyo yana ce wa maigadi, "Kalli yadda ƙwararru suke yi," ya danna. Layin farko kawai linzamin ya kama.

Na'ura ta amsa cikin ladabi: an sauya layi ɗari takwas da arba'in da uku.

Ya karanta sau uku. Gumi ya karyo masa duk da fankar da ke kansa. Kafin ya haɗiye yawu wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ta maigadi ma ta yi. Tun farko shi ya ɗaura wa gurbin jimilla wata ƙararrawa, da zarar lamba ta motsa saƙo ya tafi wayar mai ita.

Maigadi ya nisanta wayar daga ido ya karanta a hankali. "Jimillar kuɗinka dubu ɗari uku da ashirin." Ya dubi saurayin. "Ɗana, ni dubu goma sha ɗaya na sani."

"Kuskure ne, Baba."

"Kai ka ce ba ta kuskure."

"Wannan na musamman ne."

"To ni dai na karɓa. Allah ya yi maka albarka."

Wayar Minti Biyar ta fara ruri. Shugaban ƙungiya ne, mai shagon kayan gini, wanda yake da miliyan biyu da ɗoriya a asusu kafin ƙarfe ɗaya da rabi. Minti Biyar ya kife wayar, ya ɗora mata littafi, ya ɗora wa littafin kofi.

"Ba komai," ya ce da muryar da ba tasa ba. "Akwai kwafin ajiya. Kullum ƙarfe ɗaya na dare na'ura take kwafe komai. Ni na tsara."

Ya buɗe jakar kwafin a allo. Fayil ɗin yana nan, da lokacinsa, ƙarfe ɗaya daidai. Girmansa sifili. Aikin kwafin ya je ƙofar rumbu da tsohuwar kalmar sirri, domin shi kaɗai aka manta ba a ba shi sabuwa ba, aka hana shi shiga. Shi kuwa ɗabi'arsa ce ya fara share fayil ɗin jiya kafin ya zuba na yau a mazauninsa, haka maigidansa ya rubuta shi don tsimin wuri. Ya share, bai samu abin zubawa ba, ya tafi abinsa.

A nan ne Injiniya ya zauna a ƙasa. Tsoro ya kama shi na gaske, har ya fara lissafin ko motar farko ƙarfe nawa take tashi daga tasha. Maigadi ya zuba masa ruwan zafi daga fulas, ya ce, "Sha. In gudu za ka yi ma sai da ƙarfi."

Wajen ƙarfe uku hankalinsa ya dawo. Gurbin jimilla ya ɓata, amma tebur na shige da fice ko ƙwarzane bai yi ba. Kuma lokacin da aka kwaso lissafi daga takarda, Ma'aji ta tsaya kai da fata sai an shigar da tsohuwar jimillar kowa a matsayin layinsa na farko, abin da ya kira ɓata lokaci a wancan zamanin. Ke nan in aka tara layukan kowane mamba daga farko, gaskiya za ta fito. Wannan karon ya yi kwafi, ya gwada a kansa, ya duba mutum goma da ido, ya karanta umarnin da ƙarfi kamar ɗan makaranta. Sannan ya danna. Komai ya koma daidai, har da mutum goma sha huɗu masu aikin dare da ramin ya ci kuɗinsu ba su sani ba. Ya bi teburin da aikin rufe rana ke ajiye jimillar jiya a ciki ya gyara shi ma.

Abu ɗaya ya manta, bai kashe ƙararrawar ba. Saƙo na biyu ya fara fita ƙarfe huɗu, yana bin lambar mambobi. Da ya kai mamba na ɗari huɗu da shida, kuɗin tura saƙo na ƙungiya suka ƙare.

Ƙarfe takwas na safe matakalar ofis ta cika har titi. Mai tayoyi ya kasa buɗe shago. Masu saƙo ɗaya sun zo cire dubu ɗari uku da ashirin ɗinsu. Masu saƙo biyu sun zo jin wanda ya ba su kuɗi da dare ya ƙwace kafin asuba. Wani mai gyaran takalmi ya riga ya yi wa matarsa alkawarin keken ɗinki, ya zo da ita don ta ji da kunnenta. Shugaba ya ratso taron da ido jajur, maɓallan rigarsa a karkace.

Minti Biyar ya wanke fuska, ya gyara hula, ya hau kan benci.

"Jama'a, ku kwantar da hankali! Abin da kuka gani jiya gwaji ne. Gwajin tsaro. Manyan bankuna ma suna yi."

"Gwaji?" in ji Shugaba. "Ni ka gwada? Sau goma sha bakwai na kira ka!"

"Ranka ya daɗe, ai yana cikin gwajin."

"Ni kuma wa zai gwada wa matata?" in ji mai gyaran takalmi.

Wata mai kitso ta ɗaga waya sama. "Ni saƙo ɗaya na samu, kuma a rubuce yake. Ku ba ni kuɗina in tafi, ina da amare."

Ma'aji ta juya wajen maigadi. "Baba, kai ka kwana nan. Me ka gani?"

"Ni ban san boko ba," in ji tsohon. "Na dai ga ya kama ɓarawo wajen sha biyu da rabi. Da na tambayi sunansa sai ya aike ni zagaye. Daga baya kuma na ga mai gwajin a ƙasa yana tambayar motar asuba."

Dariya ta ɓarke tun daga saman matakala har titi, waɗanda ba su ji ba ma suna yi. Goggo ce kaɗai ba ta yi ba. Ta matso gaban bencin, ta ɗaga kai ta dube shi.

"Sauko. Faɗa musu abin da ka yi, yadda ka yi shi."

Ya sauko. Ya faɗa, tun daga agogo har layin da linzami bai kama ba, kuma a karon farko a rayuwarsa bai ƙara gishiri ba. Ma'aji ta ɗauki littafin mai maiƙo ta bi shi da allo, dare bayan dare, ta cire tabarau ta ce lissafin Goggo daidai yake, dubu ɗari uku da ashirin.

Minti Biyar ya ɗan ɗago kai. "To kun gani, a ƙarshe dai na..."

"Rufe mana baki," in ji Shugaba. Ya juya ga Goggo, muryarsa ta sauka. "Baiwar Allah, na yarda kuɗinki ne. Amma lambar da ta sauya sau biyu a dare ɗaya, ba zan sa hannu a ba da rance a kanta ba, naki ko na wani, sai mai bincike na waje ya bi komai. Zaman yau an ɗaga. Sai na gaba."

Wata uku ke nan. Goggo ta sa littafinta a jaka. Saurayin ya dubi hannayenta, duk tabon ƙuna na tsohuwar tanda, kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa ido. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Goggo, ki yi haƙuri. Wallahi zan..."

"Za ka," ta ce. "Wata ukun nan da ka ƙara mini, tare za mu yi su. In ka tashi daga nan ka wuce gidan burodi, kai ne kwaɓi, kai ne bakin wuta, ni zan zauna a kujera in huta."

"Goggo, ni fa injiniya ne."

"Shi ya sa zan ba ka buhun fulawa biyu."

Ta kama hannun rigarsa, mutane suka buɗa musu hanya, ta sauka da shi matakala a gaban kowa.